Bayan "Wa alaikumus salam", sai me?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, mu ɗaliban ajin ƙarshe, da aka ce mu kawo abin da za a sa a littafin bana, sai muka zaɓi wata magana da wasu za su ga ƙarama ce. Mu ma da haka muke ganinta, har sai da wani abu ya faru a ajinmu. Maganar ita ce: mutum ya yi maka sallama, ka amsa, kun gaisa, sai ya yi shiru. Bai tafi ba, bai kuma ce komai ba. Wa ke da alhakin buɗe baki a nan? Ra'ayinmu shi ne wanda aka gaishe, ba wanda ya yi gaisuwar ba. Za mu faɗi dalili, amma bari mu fara da abin da ya faru.

Bara, wajen tsakiyar damina, akwai wani ɗan ajinmu da aka kawo karatu nan Maradi daga wani ƙauye wajen Mayahi. Yaro ne mai kunya, ba ya cikin masu surutu. Wata ranar Laraba bayan la'asar muna zaune mu huɗu ƙarƙashin bedi muna tilawa, ya zo ya yi sallama. Muka amsa. Ya ce ina wuninku, muka ce lahiya lau. Ya ce ya karatu, muka ce da godiya. Sai ya tsuguna gefe ya yi shiru yana wasa da tsinke a ƙasa. Mu kuma muka koma kan allunanmu. Can ya tashi ya ce sai an jima. Washegari ya sake zuwa, aka yi kamar jiya. Rana ta uku da ya zo, ɗaya daga cikinmu ya ce masa cikin wasa: "Kai, in da magana ka yi, in babu ka bar mu mu yi hadda." Muka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, ya tafi.

Ranar Asabar ba mu gan shi a aji ba. Daga baya muka ji ashe tun ranar Talata aka aiko masa mahaifiyarsa na kwance ba lafiya, kuɗin mota ne ba ya da su. Jikka biyu kacal yake nema. Sau uku yana zuwa wurinmu da wannan maganar a bakinsa, sau uku tana komawa ciki. A ƙarshe wani direba ɗan garinsu ya gan shi a tasha ya ɗauke shi kyauta. Ya tarar da ita da rai, alhamdu lillahi, amma ta riga ta daina gane mutane, kuma kwana biyu bayan isarsa Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta. A ranar Larabar nan, da mu huɗun mun zazzage aljihunmu, da jikka biyun ta fito.

Babu wanda ya ƙi amsa sallamarsa a cikinmu. In a fiƙihu ne, mun sauke wajibi. Duk mun karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid, a babin sallama da neman izini, cewa fara sallama sunna ce, amsawa kuma wajibi ce, kuma idan mutum ɗaya ya amsa a cikin jama'a ya ɗauke wa sauran. To mu huɗu duk mun amsa. Amma har yau in muka tuna ba ma jin mun fita haƙƙinsa. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta koya mana a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko kuma daidai da ita. Malamai sun yi bayanin cewa fifikon a lafazi yake, wato ya ce "Assalamu alaikum" ka ƙara masa da rahama da albarka. Mu ba mu isa mu ƙara wa tafsiri komai ba. Abin da kawai muka lura shi ne, wanda aka tarbiyyantar a kan ya riƙa mayar da fiye da abin da aka ba shi, bai kamata ya zama mai rowar kalma biyu ga wanda ya tsuguna gabansa ba.

Abu na farko da ya kamata mu gane shi ne gaisuwarmu ta Hausa ba ta buɗe zance. Tsawonta ne ke ruɗin mutane. Ku duba: ina kwana, lahiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Ina aiki, da godiya. Ina gida, lahiya lau. Ya ruwa, ya yi gyara. Ina labari, sai alheri. Kowace tambaya ta zo da amsarta a ɗaure, kuma duk amsoshin na alheri ne. Wanda ya kwana yana juyi da ciwon ciki "lahiya lau" zai ce. Wanda ruwa ya rusa masa katanga "ya yi gyara" zai ce. Wannan ba ƙarya ba ce, ladabi ne da godiyar Allah, kuma kowa ya san haka. Amma ma'anarsa ita ce za ka iya yi wa mutum tambaya goma ka ji amsa goma ba ka san komai game da halin da yake ciki ba. Saboda haka in aka gama jerin nan aka yi shiru, kar ka ce ai na tambaye shi ya ce lafiya. Ba ka tambaye shi komai ba tukuna. Zancen gaske bayan shirun nan yake farawa.

To me ya sa muka ce nauyin yana kan wanda aka gaishe? Domin wanda ya zo ya riga ya yi nasa. Shi ya taso, shi ya yi sallama, shi ya tsaya. Kuma galibi abin da ya hana shi ci gaba abu ne da ba zai iya ture shi da kansa ba. Ƙarami ba ya fara zance gaban babba sai an ba shi dama. Mai neman rance kunya ke riƙe masa harshe. Wanda aka aiko da labarin rasuwa neman inda zai sauke shi yake. Baƙon da ya zo daga Dosso ko Agadas ko Diffa wataƙila iyakar Hausarsa ke nan, gaisuwar ya haddace, sauran yana tsoron ya yi kuskure a yi masa dariya. Duk waɗannan ba za su iya farawa ba. Kai da aka tarar a wurinka, kai ne ke zaune kan tabarmarka, hankalinka kwance. Kalma ɗaya daga gare ka ba ta ci maka komai ba.

Ana iya gane wane irin shiru ne in an duba. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mu mun ga har ƙafa tana ba da labari. Mai gaisuwar wucewa jikinsa yana fuskantar hanya, yana amsawa yana tafiya. Wannan ka ce masa a gaida gida ya wadatar, kar ka tsare shi. Wanda ya cire takalmi, ko ya tsuguna, ko ya jingina kekensa da bango, wannan ya zo ne. Sannan akwai alamar da ta fi kowace fitowa fili, wato maimaita gaisuwa. In mutum ya ce "Ina wuni", aka gama, aka yi shiru, sai ya sake cewa "To, sannunku dai", can kuma "Ya gida dai?", to ba mantuwa ya yi ba. Ƙofa yake ƙwanƙwasawa. Abokin namu ya yi mana haka, ya ce "sannunku da karatu" ya fi sau uku a zama ɗaya, mu kuma muna ta cewa "yawwa".

Yadda ake buɗe ƙofar kuwa, ba a littafi muka gani ba. Wata ƴar ajinmu ce ta ba mu labarin yadda innarta ta yi da wata maƙwabciya, kuma muna ganin duk darasin yana ciki, shi ya sa za mu kawo shi dalla-dalla.

Cikin watan Agusta ne, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare a rumbu sabo bai nuna ba. Da hantsi matar ta yi sallama. Inna tana tankaɗe, ta amsa, ta ajiye rariya. Wannan shi ne na farko: ta ajiye abin da ke hannunta. Ta ce, "Maraba, maraba, shigo daga ciki mana," ta jawo tabarma, ta ce a kawo ruwa. Suka gaisa, ina kwana, ina yara, ina maigidan. Sai matar ta yi shiru tana murza bakin mayafinta.

Inna ba ta ce "lafiya?" nan take ba. Ta bar ta ta sha ruwa ta ajiye kofi. Sannan ta ce, "Ya jikin ƙaramin nan, wanda na ji yana tari shekaranjiya da dare?" Ku lura da wannan tambayar. Ba ta cikin jerin gaisuwa, ba ta da amsa a ɗaure. Ba za a amsa ta da "lahiya lau" kawai a wuce ba, kuma tana nuna wa matar cewa ana sane da ita. Matar ta ce da sauƙi, an kai shi likita, an rubuta magani. Ta sake yin shiru.

A nan Inna ta juya ta ce wa ƴarta, "Tashi ki kai wa babanki furarsa zaure, ki tafi da ƙannenki." Ƴar ajin namu ta ce ta san babanta ya riga ya sha fura, amma ta gane, ta kwashe yaran. Sauran labarin daga baya ta ji. Da tsakar gida ta zama ba kowa, Inna ta ce, "Ni kam bana hatsin nan ya ba ni tsoro. Jiya na aika kasuwa, da aka faɗa min kuɗin tiya sai da na ce a sake tambayowa." Wato ta fara faɗin nata. Ta sauko da kanta daidai da baƙuwar, ta nuna cewa ƙuncin na kowa ne, ba abin kunya ba ne. Sai matar ta ce, "Wallahi Yaya, abin da ya kawo ni ke nan." Kuɗin cefane ne suka tafi a magani, tun jiya ba a ɗora tukunya ba. Inna ta auna mata tiya biyu, ta rufe kwanon da faifai, ta raka ta har bakin ƙofa.

Da Inna ta ce mata tun farko, "Mi ya faru? Mi kike so?", mun tabbata amsar da za ta samu ita ce, "Ba komai, gaisuwa ce na zo." Kuma da matar ta faɗi haka, ta rufe wa kanta hanya, don ba za ta iya dawowa bayan minti biyu ta ce a gaskiya hatsi nake so ba. Wannan shi ne kuskuren da mu matasa muka fi yi. Muna ganin tambaya kai tsaye ita ce gaskiya da gaskiya. Amma "me ya kawo ka?" a kunnen mai kunya daidai take da "yaushe za ka tafi?". In ma dole sai ka tambaya, akwai lafazin da ya fi taushi: "Allah dai ya sa lahiya." Addu'a ce, ba tuhuma ba. Mai magana zai ce "lahiya, sai dai…" ya ci gaba, marar magana kuma zai ce "lahiya lau wallahi" ba tare da ya ji an kore shi ba.

Da za a mayar da mu ranar Larabar nan, ga abin da ya kamata mu yi. Ɗayanmu ya kife allonsa ya matsa masa wuri. Ya ce, "Ka ji daga gida kwanan nan? An yi shuka a wajenku?" Mun san daga ƙauye yake, mun san damina ce, tambayar a gabanmu take. In ya amsa a gajarce ya sake yin shiru, to mutum huɗu sun yi masa yawa, sai ɗaya ya tashi ya ce, "Zo ka raka ni in sayo ƙuli." Shi ke nan. Ba a buƙatar hikimar da ta wuce wannan.

Maganar rakiya ma a tsaya a kanta. Iyayenmu ba don motsa ƙafa suke taka wa baƙo ba. Sau da yawa baƙo zai zauna awa guda a zaure ana hirar damina da tsadar kaya, sai an fito an yi taku goma, ba kowa, ba kuma a kallon juna ido cikin ido, sannan ya ce, "Af, dama akwai ƴar maganar da nake so in yi maka." Wannan "dama" ɗin ita ce dalilin zuwan gaba ɗaya. Mu yanzu baƙo na cewa zai tafi sai mu ce "to sai an jima" daga zaune, ido na kan waya. Wanda bai yi rakiya ba bai san maganganu nawa suka koma gida ba a faɗe su ba.

Idan kuma zancen ya buɗe, riƙe shi ba wuya, in dai ana saurare. Ka ɗauki kalma daga abin da ya faɗa ka mayar masa. Ya ce jiya ya dawo daga Tasawa, sai ka ce ya hanyar take bayan ruwan nan, ko wa ya je gani. Kar ya ce Tasawa kai kuma ka ɗauko labarin ranar da ka je Katsina ka yi ta zuba har ya manta abin da ya kawo shi. Kuma kar ka jero tambayoyi kamar ɗan sanda. Ka tambaya ɗaya, ka ba da naka kaɗan, ka saurara. Ƙananan kalmomin nan da muke rainawa, "to", "ikon Allah", "ayya", "sai kuma aka yi yaya?", su ne ke gaya wa mai magana cewa ana tare da shi. In kuma ya tsaya a tsakiya, kar ka yi saurin cike wurin. Ka ba shi kamar numfashi uku. Mai neman kalma in ka katse shi sai ya haƙura da ita.

Da muka tattauna wannan a aji, ba kowa ya yarda ba, kuma masu jayayyar suna da hujja. Wani ya ce wannan ai shisshigi ne, kuma Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane. Gaskiya ne ta hana. Amma akwai bambanci tsakanin buɗe ƙofa da leƙa ta taga. Mai bin diddigi yana neman abin da aka ɓoye masa ne don kansa. Mu muna maganar sauƙaƙa wa mutum faɗin abin da shi da ƙafarsa ya kawo. Kuma ga iyaka: ka buɗe sau ɗaya, ka buɗe sau biyu, in ya ce gaisuwa ce kawai, ka karɓa, ka gode masa, ka ce Allah ya bar zumunci. Na uku ya zama takura. Abin da ya rage maka shi ne rakiya, da kuma ka ce, "In da wani abu, ka san inda nake."

Wata kuma ta ce ai an koya mana mutum ya faɗi alheri ko ya yi shiru, me ya sa muke tsoron shiru? Ba ma tsoronsa. Akwai shirun da ba a taɓawa. A wurin ta'aziyya ka yi gaisuwa ka yi addu'a ka zauna, ba a neman ka da hira. Tsoho ya zo wurin tsohon abokinsa su zauna rabin awa kowa da tasbaharsa, wannan ma zumunci ne cikakke. In kai ne ƙarami ka je gaida Malam ko Baba ya amsa ya yi shiru, ba naka ba ne ka cika wurin da surutu. Ka ɗan jira, in da saƙo ka ce "Malam, dama an aiko ni ne," in babu ka nemi izinin tafiya. Haka nan tsakanin saurayi da budurwar da ba muharramarsa ba, amsa gaisuwa cikin mutunci ta isa, ba mu ce a ja zance ba. Wanda muke magana a kansa shi ne shirun da mai shi ke fama da shi, kuma ana ganin alamarsa.

Sai waya, tunda yawancinmu yanzu muna taɓa ta gida. Wani zai rubuto "Slm" ya tsaya. Kai ma ka rubuta "Wslm" ka tsaya. Kowa na jiran kowa, har kwana uku. Mun san abin yana da ban haushi, kuma muna roƙon masu yin haka su riƙa haɗa sallama da abin da ke tafe da su a saƙo ɗaya. Amma a waya ba ka ganin tsuguno, ba ka ganin murza mayafi, saboda haka ba ka da hanyar sanin ko mai zaman banza ne ko mai neman jikka biyu. In wanda ka sani ne, ka cika sallamar, ka ƙara layi ɗaya: "Kwana biyu, ya mutanen gida? Ina jin ka." In baƙuwar lamba ce, ka amsa ka ce da wa nake magana; bai faɗa ba, ka bar shi. Ƴan'uwanmu mata musamman, ba dole ba ne ku ja zance da lambar da ba ku sani ba.

Muna da roƙo ɗaya ga malamanmu, Allah ya ƙara musu lafiya. Ana koya mana lafazin sallama tun ajin farko, da wanda ya kamata ya fara: na kan abin hawa ga mai tafiya ƙasa, mai tafiya ga na zaune, kaɗan ga masu yawa, ƙarami ga babba. Muna so a darasin ladubba a riƙa tsayar da ɗalibai biyu gaban aji, ɗaya ya yi sallama ya yi shiru, a ga yadda ɗayan zai yi da shi. Mun gwada a tsakaninmu sau biyu. Karon farko dariya ta hana, karo na biyu kuwa sai muka ga mafi yawanmu daga "ya gida" ba mu da ta cewa.

Abokin namu ya dawo makaranta bayan an yi sadakar arba'in. Mun je mu huɗu mun yi masa gaisuwa, mun kuma nemi gafararsa. Ya ce ba mu yi masa komai ba, ai shi ne bai faɗa ba. Muka zauna, aka yi shiru. Can wanda ya yi masa wasan nan ranar ya ce, "Wa ke kula da ƙannenka yanzu a gida?" Ya ɗago kai ya ce kakarsu ce, amma ta tsufa, ƙaramar kuma ba ta kai shekara uku ba. Daga nan ya yi ta ba mu labari, ba mu tashi ba sai da aka kira magariba.